Likita, kunya ta hana ni faɗin inda yake min ciwo

Assalamu alaikum Likita. Ni saurayi ne ɗan shekara 23, ina aikin loda kaya da sauke su a wani sito. Yau kusan mako shida ke nan ina fama da ciwo a matsematsina na dama, daidai inda cinya ta haɗu da mara. Da safe nakan tashi garau, amma kafin yamma sai wurin ya yi nauyi kamar ana jan wani abu ƙasa, wani lokaci ciwon ya gangara har cikin maraina. Idan na ɗaga buhu ko na yi tari sai in ji wani ɗan ƙullutu ya taso, in na kwanta kuma ya ɓace. Ba na jin zafin fitsari, kuma ban taɓa sanin mace ba, amma abokina ya ce ciwon sanyi ne, ya ba ni wasu kafso na sha kwana biyar, babu sauƙi. Sau biyu ina zuwa asibiti, da na zauna gaban likita sai kunya ta rufe ni, na ce cikina ke ciwo, aka ba ni maganin olsa na dawo. Mahaifiyata ta lura da yadda nake tafiya da yamma, tana ta tambaya, ina ce mata gajiya ce. Ina shirin aure nan da wata takwas, kuma babban tsorona kada a ce ba zan haihu ba. Don Allah Likita, me ke damuna, kuma yaya zan yi?

Wani matashi

Wa alaikumus salam, ƙanena. Sannu da jiki, Allah ya sawwaƙe.

Zan fara da abin da ya fi hana ka barci. Alamun da ka kawo sun fi kama da ciwon ƙaba, ba ciwon sanyi ba, kuma ƙabar da aka gyara a kan lokaci ba ta hana namiji haihuwa. Na ce sun fi kama ne don ba a tabbatar da ƙaba ta wasiƙa, sai likita ya gani da idonsa ya taɓa da hannunsa. Amma ka yi bayani dalla-dalla yadda da wannan bayanin ka yi wa likitan da ka fara gani, da tuni an san inda aka dosa.

Ga yadda abin yake faruwa. 'Ya'yan maraina ba a ƙasa ake halittarsu ba. Tun jariri yana cikin mahaifiyarsa suna can sama cikin ciki, kusa da ƙoda, sai a watannin ƙarshe kafin haihuwa su gangaro ta wata 'yar hanya da ta ratsa bangon mara, su sauka cikin jakarsu. Wannan hanyar, wadda tsawonta a jikin babban mutum bai wuce santimita huɗu ba, ita ce jijiyoyin jini da bututun maniyyi suke bi har ƙarshen rayuwa. Bayan saukar, ya kamata 'yar jakar da ta raka su ta manne ta rufe. A wasu mazan ba ta rufewa sosai, sai ta zauna shiru shekara da shekaru, har ranar da matsi ya yi yawa a cikin ciki, wani yanki na hanji ko kitsen da ke lulluɓe da hanji ya samu ƙofa ya leƙo. Kamar dai tayar keke ce da ta ɗan yage: in aka ƙara iska tub ya bullo ta wurin, in aka rage ya koma ciki. Ɗan maraina na dama yakan makara wajen saukowa, shi ya sa ƙaba ta fi fitowa a dama. Kuma ba baƙon ciwo ba ne ko kaɗan, wajen namiji ɗaya cikin huɗu zai gamu da ita a tsawon rayuwarsa. Ɗaukar kaya ba shi ya haƙa ramin ba, a matashi irinka galibi da shi aka haife ka, aikin tona shi kawai ya yi.

Da ka gane wannan, za ka ga dalilin da ciwon yake bin agogo. Dare ya yi ka kwanta, abin da ya leƙo ya sulale ya koma mazauninsa, bangon ya huta. Gari ya waye ka miƙe, nauyin hanji ya dawo kan ƙofar, kowane buhu da kowane tari yana ƙara tura shi. Jijiyoyin da ke kai ji zuwa maraina ta wannan hanyar suke bi, don haka in an matse su a sama sai ka ji zafin a ƙasa, ko da shi ɗan marainan lafiyarsa ƙalau.

Yanzu maganar abokinka. Ban ga laifinsa a niyya ba, ya ga kana cikin damuwa ya ba ka abin da ya sani. Matsalar ita ce kusan duk ciwon da ya faɗo ƙasan cibiya, sanyi ake ce masa, kuma kalmar tana da nauyin da ke sa mutum ya ƙara ɓoyewa. Ciwon da ƙwayoyin cuta ke kawowa a maraina yana da tasa kamar. Akwai wani lallausan bututu a naɗe a bayan kowane ɗan maraina, inda maniyyi ke taruwa ya nuna. In ƙwayoyin cuta suka hau shi, cikin kwana biyu ko uku wurin yakan kumbura, ya yi zafi ko da yatsa aka taɓa shi, fatar ta yi ɗumi, sau da yawa da zafin fitsari ko fitar ruwa ta gaba ko zazzaɓi. Irin wannan kumburin ba ruwansa da kwanciya ko tsayuwa, yana nan safe da yamma. A samari yawanci ta saduwa ake ɗaukarsa, amma ƙwayoyin cutar mafitsara ma suna kawo shi ga wanda bai taɓa kusantar kowa ba. Na yarda da abin da ka faɗa game da kanka. Ina dai ƙarawa ne saboda wani mai karatu: in akwai abin da ya taɓa faruwa, a gaya wa likita gaskiya, domin maganin ya bambanta, kuma dole a yi wa abokiyar saduwar magani ita ma, in ba haka ba ciwon ya yi ta dawowa. Kafson nan kuwa ka daina su. Ba su da abin da za su yi wa rami a bangon ciki, kuma ko da ƙwayoyin cuta ne, shan magani barkatai na kwana biyar yakan ɓata gwajin fitsari ya bar cutar da ranta. In kana da kwalinsu ko ragowarsu, ka tafi da su asibiti a gani.

Akwai wasu abubuwan da likita zai so ya kawar kafin ya yanke hukunci, zan ratsa su da sauri. Jijiyoyin jinin da ke saman ɗan maraina suna iya kumbura su cukurkuɗe, su ma suna ba da nauyi da yamma su lafa da kwanciya, sai dai kusan tara cikin goma a hagu suke fitowa, kuma a cikin jakar ake jin su, ba a sama ba. Tsokar cinya tana iya jaguwa, amma ita zafinta yana tashi ne in ka matse gwiwoyinka ko ka buɗe ƙafa, ba ta yin ƙullutun da ke zuwa yana komawa. Kaluluwa ma tana fitowa a wurin in akwai rauni ko ƙurji a ƙafa, ita kuwa tana nan daram, tari ba ya motsa ta. Sai abu na ƙarshe da nake so kowane saurayi ya sani: dunƙule mai tauri a jikin ɗan marainan kansa, wanda sau da yawa ba ya ma ciwo. Wannan ba a jira da shi, domin sankarar maraina ciwon matasa ce, kuma tana cikin waɗanda suka fi jin magani, fiye da tara cikin goma suna warkewa.

Kana iya duba kanka yau da yamma, lokacin da nauyin ya fi yawa. Ka tsaya a tsaye bayan wanka, ka dubi ɓangarorin biyu ka gwada su da juna. Ka ɗora yatsu uku a kan inda ƙullutun ke fitowa ka yi tari mai ƙarfi. In ƙaba ce za ka ji wani abu ya bugi yatsunka daga ciki. Sannan ka kwanta rigingine ka saki jiki, ka ga ko ya koma da kansa ko da ɗan shafawa a hankali, wani lokaci har da ɗan ƙugi irin na hanji. Daga nan ka murza kowane ɗan maraina tsakanin babban yatsa da sauran, a hankali. Sumul ya kamata ka ji shi, in ban da wannan lallausan bututun na baya. Don ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma ko ya fi saukowa, ba komai ba ne. Wannan dubawar don ka samu abin faɗa wa likita ne, ba don ta tsaya a madadinsa ba.

Abin da zan faɗa yanzu shi nake so ka riƙe fiye da komai. Muddin ƙullutun yana komawa, kana da lokacin da za ka shirya a tsanake. Mafi yawan ƙaba haka suke zama ba tare da sun rikiɗe ba. Amma wata rana hanjin yana iya fitowa ƙofar ta shaƙe shi, ya kasa komawa, jini ya daina isa gare shi. Za ka gane wannan ba sai an gaya maka ba: ƙullutun ya yi tauri ya ƙi komawa ko ka kwanta, ciwon ya tsananta ba sassauci, amai ya biyo baya, ciki ya kumbura, ba bayan gida ba fitar iska, wani lokaci fatar wurin ta canza launi. Hanjin da aka yanke wa jini cikin 'yan awoyi yake fara mutuwa. A wannan halin kada ka danna shi da ƙarfi, kada ka sha maganin ciwo ka kwanta jiran safiya, kada ka ci ko ka sha komai, domin mai yiwuwa a shiga da kai tiyata. Ka nufi sashen gaggawa na asibitin da ake yin tiyata, ko ƙarfe biyun dare ne.

Haɗari na biyu bai da alaƙa da ƙaba, amma a wuri ɗaya yake, kuma kunya ce babbar mai taimakonsa. Ɗan maraina yana iya murɗewa a kan igiyar da ke riƙe da shi. Ciwon farat ɗaya yake zuwa, mai tsanani, sau da yawa ya tashi mutum daga barci, da tashin zuciya, ɗan marainan ya ɗage sama ko ya kwanta a karkace. Ya fi samun yara 'yan shekara 12 zuwa 18, amma ɗan shekara ashirin da wani abu bai tsira ba. In an kai ga tiyata cikin awa shida, kusan tara cikin goma ana ceto shi. Bayan awa 12 abin ya koma rabi da rabi, in kuwa aka kwana aka wuni, da wuya a same shi da rai, sai dai a cire. Abin da muke gani ke nan a kai a kai: yaro ya kwana yana juyi yana cije leɓe, ya ce wa iyayensa cikinsa ke murɗa, a ba shi maganin ciki, sai a rana ta biyu ko ta uku da tafiya ta gagara a gano inda ciwon yake. Wani kuma yakan murɗe ya warware da kansa, ciwo mai tsanani na 'yan mintuna ya wuce. In ka taɓa jin irin haka ka faɗa wa likita. In kana da ƙanne maza, ka gaya musu wannan da bakinka.

To, sai ita kunyar. Ba zan ce maka ka daina jin ta ba, don ba a cire ta kamar riga, kuma a wurare da yawa ado ce ga saurayi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na lura abin da ya fi tsorata mutane shi ne rashin sanin abin da zai faru bayan an rufe ƙofa, don haka bari in shigar da kai ɗakin tun yanzu.

Likita zai fara da tambayoyi: tun yaushe, wane ɓangare, me ke tayar da shi, yaya fitsari da bayan gida, kana yawan tari, akwai zazzaɓi, ka taɓa saduwa. Tambayar ƙarshen nan kowa ake yi wa, ba wai ya ga wani abu a fuskarka ba ne. Sannan a ja labule ko a rufe ƙofa, ya sa safar hannu, ya ce ka tsaya ka sauke wando zuwa cinya. Zai duba ɓangarorin biyu, ya ɗora hannu a matsematsi ya ce ka juya fuska ka yi tari. Mai yiwuwa ya tura yatsa ɗaya ta fatar maraina zuwa sama, wajen bakin hanyar nan, ya ce ka sake tari. Akwai ɗan rashin daɗi, amma ba ciwo ba ne. Zai taɓa 'ya'yan maraina, sannan ya ce ka kwanta ya ga ko ƙullutun ya koma. Duka wannan bai fi minti biyu zuwa uku ba, ka mayar da wandonka. Yawanci hannu kaɗai ya isa a gane ƙaba. In abin bai fito fili ba sai a tura ka hoton sikanin, a shafa wani ruwa mai sanyi a goga na'ura a wurin, ba allura ba yanka. Za a iya karɓar fitsarinka a gwada. Wani abin da samari ke tsoro ba sa iya faɗa shi ne kada gaba ya motsa lokacin dubawa. Ba kasafai yake faruwa ba, in ma ya faru jiki ne ya amsa taɓawa, likita ya san da haka, ba zai ko ɗaga kai ba.

Kana da haƙƙin ka nemi likita namiji tun wajen karɓar kati, ka ce larurarka ta maza ce, ba sai ka ƙara komai ba. In babu namiji a ranar, shawarata ka bari macen ta duba ka, kada ka sake komawa gida hannu rabbana, aikinta ne kuma ta ga irinsa ba adadi. In ɗakin da mutane, ɗalibai ne ko wani mara lafiya, ka ce kana son magana kai da likita. Abin da ka faɗa a ɗakin nan amana ce, ba a kai shi gida ko wurin aiki ba da izininka ba.

Tunda bakinka ya taɓa ƙin buɗewa a gaban likita, kada ka dogara da shi a karo na uku. Ka rubuta a takarda ko a wayarka tun daga gida: "Ina da ciwo da kumburi a matsematsin dama mako shida, yana fitowa in na yi tari, yana komawa in na kwanta." Da ka zauna, kafin ma a gama gaisawa, ka miƙa masa. In hakan ma ya yi nauyi, ka nuna wurin da hannu ta saman wando ka ce nan ne. Shi zai ja sauran maganar. Ka kuma faɗa masa ka zo a baya ka ce ciki ne, don a daina bin sawun olsar da wataƙila babu ita. Likitocin da suka gan ka sun yi maganin abin da aka gaya musu ne, ko da yake, gaskiya, saurayin da ya zo da ciwon ciki sau biyu ya cancanci a kwantar da shi a duba har ƙasan mara, kuma cunkoson layi yakan sa a tsallake wannan. In ka samu dama ka je da rana bayan ka ɗan yi zirga-zirga, lokacin ƙullutun ya fi saurin bayyana.

Idan aka tabbatar ƙaba ce, maganinta tiyata. Babu ƙwaya, babu allura, babu abin sha ko na shafawa da ke rufe ramin, duk wanda ya ce maka yana da shi kuɗinka yake so. Ɗamarar da ake ɗaurawa tana danne ƙullutun ne kawai, ba ta warkarwa, kuma in aka ɗaura ta a kan hanjin da bai koma ba tana iya yin ɓarna. Akwai mazan da likita zai ce su jira a riƙa lura, wato waɗanda ƙabarsu ƙarama ce ba ta damunsu, ko da yake yawancinsu ma daga baya sukan dawo a yi aikin. Kai ba ka cikin wannan rukunin. Tana maka ciwo kullum, abincinka kuma a ɗaga nauyi yake. Da ni ne kai, zan nemi a sa min rana cikin 'yan makonni ko wata biyu masu zuwa.

Aikin yana cikin waɗanda likitocin tiyata suka fi yi a duniya. Ana yanka kamar santimita shida zuwa takwas a matsematsi, a mayar da abin da ya fito, a ɗaure jakar, sannan a ƙarfafa bangon, yawanci da wata 'yar raga da ake shimfiɗawa nama ya bi ta ya riƙe. A wasu asibitocin ana yi ta ƙananan huji da na'urar leƙa ciki. Ba lallai a sa ka barci ba, sau da yawa allurar baya ake yi ko a kashe wurin kawai. Yakan ɗauki kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, mutane da yawa a ranar suke komawa gida ko washegari. Za ka fara takawa tun ranar farko, ƙananan hidimomi bayan mako ɗaya ko biyu, buhu kuwa sai bayan mako huɗu zuwa shida, yadda likitanka ya tsara. Ba zan ɓoye maka ba, kowace tiyata da nata. Wurin yana iya tara jini ko ya yi ruwa, maraina su kumbura na 'yan kwanaki. Kamar mutum ɗaya cikin goma yakan riƙa jin wani ɗan ciwo ko dindiris a wurin har bayan watanni, mafi yawa mai sauƙi. A 'yan kaɗan ƙabar takan dawo. Duk da haka aikin da aka shirya aka yi da rana tsaka, da wanda aka yi a guje da dare hanji ya riga ya lalace, ba a haɗa su.

Game da haihuwa, ƙaba ba ta taɓa inda ake yin maniyyi, kuma ba ta rage ƙarfin namiji. Bututun maniyyi da jijiyoyin jini suna kusa da inda ake aikin, shi ya sa likita yake ware su gefe tun farko, kuma raunata su abu ne da ba kasafai ake gani ba a aikin farko na ɓangare ɗaya. Ko da an samu matsala a ɗaya, ɗan maraina guda mai lafiya ya isa haihuwa. Wadda ta fi wahalar gyara ita ce ƙabar da aka bari shekaru ta gangara cikin jaka ta zama gwaiwa, ta manne da abin da ke kewaye da ita. Wata takwas kuwa ya ishe ka a duba ka, a yi aiki, ka warke sarai kafin biki, in ka motsa yanzu. In ka ja ƙafa har wata na shida, kai da kanka za ka matse kanka.

Mahaifiyarka ta riga ta san akwai abin da ke damunka, kuma uwar da aka ce wa gajiya ce alhali idonta na ganin akasin haka, abin da take ƙiyastawa ya fi gaskiyar muni. Ba sai ka yi mata bayanin wuri ba. "Ina jin ƙaba ce ke damuna, zan je asibiti a duba" ya wadatar, kalma ce da ake faɗa gaban kowa ba a sunkuyar da kai. In da mahaifinka ko wani yayanka ko kawunka da kuka saba, fara da shi, ya raka ka, domin za ka buƙaci wanda zai tsaya maka ranar tiyata da wanda za ku yi lissafin kuɗi da na makonnin da ba za ka fita nema ba. Wadda za ka aura kuwa, ban ga dalilin ɗaga mata hankali da zato ba. Ka bari likita ya faɗi sunan ciwon tukuna. Amma in an sa ranar tiyata, ta ji daga bakinka, kada ta tsinta a bakin wani an ƙara mata gishiri.

Sai maigidanka a wurin aiki. Shi ma yana da nasa lissafin, yana buƙatar wanda zai ɗaga kaya, kuma in ka ɓace masa ba bayani zai nemi wani. Ka karɓi takarda daga likita ka kai masa, ka nemi a mayar da kai aikin da ba na ɗauka ba, ƙirga kaya ne ko rubutu ko tsaron ƙofa, daga yanzu har mako shida bayan tiyata. Gara ka gaya masa adadin makonnin tun wuri ya shirya. In ya ƙi, kuma ba yadda za ka yi ka bar aikin, to ka rage nauyin abin da kake ɗauka, ku riƙa kamawa ku biyu, ka durƙusa da gwiwa maimakon sunkuyawa, kuma kada ka riƙe numfashi lokacin ɗagawa, don riƙe numfashin ne ke ƙara matsi a ciki. Da ka ji ƙullutun ya fito ya yi nauyi, ka samu wuri ka kwanta ya koma kafin ka ci gaba.

Kafin ranar ganin likita, wadda nake so ta kasance cikin makon nan, farasitamol ya ishe ka in ciwon ya dame ka: ƙwaya biyu masu miligiram 500, tsakani aƙalla awa shida, kada ka wuce ƙwaya takwas a kwana ɗaya. Magunguna irin su ibufurofen ka dakata da su har likita ya tantance ko da gaske akwai olsa, don suna tayar da ita. Ka sha ruwa sosai, ka kula kada bayan gida ya yi tauri har ka riƙa yunƙuri. In kana shan sigari ka ajiye, tana kawo tari kuma tana hana rauni saurin haɗewa, in kuma kana da tarin da ya daɗe ka ambata, a yi maganinsa kafin aiki. Sannan ka zaɓi mutum ɗaya a gida ka gaya masa alamun gaggawar nan guda biyu, ku san asibitin da ke tiyata da dare da abin hawan da zai kai ka, domin mai tsananin ciwo ba ya iya tsara wannan da kansa.

In an duba ka, ka rubuto min abin da aka samu. Idan ya zamana ba ƙaba ba ce, sai mu ɗora daga can. Allah ya ba ka lafiya, ya sa a yi bikin kana tsaye da ƙafafunka.